Jakar amana ta ɓace a zango: yadda ake shirya wasan labari na tebur

Tambaya: Assalamu alaikum, yaya. Mu biyar ne a Samaru, mun fara wasan labari na tebur irin D&D, ni ne mai jan wasan. Na rubuta labari shafi goma sha biyu, amma cikin rabin awa abokaina suka bi wata hanyar da ban shirya ba, ƙarshen da na tsara ya gagara, wasan ya mutu a hannuna. Yaya ake shirya mafari, da wurare, da karo, da ƙarshe, yadda ba zai rushe ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da za ka shirya shi ne halin da ake ciki: wane ne ya yi me, me kowa yake so, kuma me zai faru in ba wanda ya sa baki. Abin da abokanka za su yi kuwa ba a rubuta shi, domin shi ne rabonsu a wasan. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, abin da ya raba wannan wasa da karatun littafi shi ne mutanen da ke zaune a gabanka su ke yanke shawara. Duk jimlar da ta fara da "sai jarumai su tafi" a cikin shirinka, alkawari ne ka ɗauka a madadin wasu, kuma ba su san da shi ba.

Bari mu gina wasa guda tare, na zama ɗaya, mutum huɗu da kai na biyar, a Zazzau ta zamanin fatake. Wuraren na gaske ne, mutanen duk ƙirƙira ce. Ina ba ka shawara ka riƙe wannan rabo: yi amfani da ganuwa da ƙofofi da duwatsu yadda kake so, amma kada ka ɗora laifi a kan wata sarauta ko wani gida da ake da shi a gari, domin a teburinka ma za a iya samun jikan gidan.

Fara da gaskiyar abin da ya faru, wadda kai kaɗai ka sani. Ayarin goro ya taso daga Gwanja zai wuce Kano, ya yada zango a wajen Ƙofar Doka. A hanya wani falke ɗan birni ya rasu. Kafin ya cika ya damƙa wa madugu jakar fata, a cikinta akwai mundayen azurfa da takardu uku na ajami, ya ce a kai wa 'yarsa. Ɗaya daga cikin takardun tana nuna cewa fatoman da ke saukar da ayarin yana riƙe da dukiyar mamacin mai yawa. Fatoma ya ji labari, sai ya sa wani marini, wanda yake bi bashi, ya saci jakar da dare. Marini ya buɗe, ya ga azurfa, ya ga abin da zai fanshe shi daga bashin har ya yi saura, sai ya ƙi miƙa wa fatoma, ya ɓoye ta a cikin wani busasshen ramin rini. Da gari ya waye, zargi ya faɗa kan yaron da ke kula da jakuna, domin shi ya kwana kusa da kayan.

Wannan sakin layi guda shi ne ginshiƙin shirin. Ka lura akwai mutum huɗu, kowa da bukatarsa, kuma bukatun ba sa haɗuwa. Fatoma yana so takardar ta ƙone, azurfar ba ta dame shi ba. Marini yana son azurfar, takardar ba ta dame shi ba, bai ma iya karanta ta ba. 'Yar mamacin tana son kalmar mahaifinta ta ƙarshe. Madugu yana son sunansa, domin madugun da amana ta salwanta a hannunsa ba wanda zai sake bin ayarinsa. Duk lokacin da 'yan wasa suka yi abin da ba ka zata ba, tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: wannan mutumin, da abin da yake so, me zai yi yanzu? Amsar tana zuwa da sauri, kuma ba ka bukatar shafi goma sha biyu.

Mafari shi ne abin da zai kamo su, kuma yana da aiki uku: ya shafe su kai tsaye, ya sa musu wa'adi, ya nuna musu inda za su taka da farko. Mafarin da aka saba, wato wani attajiri ya kira baƙi huɗu ya ce zai biya su, yana da rauni, domin ɗan wasa yana iya cewa kuɗin bai isa ba, kuma ya yi gaskiya. Abin da ya fi shi ne kafin a fara ka yi wa kowa tambaya ɗaya, ka bar shi ya amsa da bakinsa. Ka ce wa na farko: yaron jakuna ƙanenka ne, me ka yi wa mahaifiyarku alkawari a kansa? Na biyu: mamacin ya taɓa fitar da kai daga wata kunya, wace ce? Na uku: kana da kaya a cikin ayarin nan, me zai same ka in goron ya lalace? Na huɗu: ka taɓa cin abinci a gidan fatoma shekara guda, me ya raba ku? Mutum ba ya watsar da dalilin da shi ya ƙirƙira. Kuma na huɗun ya ba ka wata igiya da za ka ja daga baya.

Sannan ka buɗe wasan a tsakiyar rikici. Kada ka fara da tarihin masarauta. Ka ce: hantsi ne a zango, an ɗaure yaron a jikin turken jakuna, mutane sun kewaye shi, madugu ya ɗaga hannu ya ce goro ba ya jira, jibi da asuba ayari zai tashi, in jakar ba ta fito ba, zai miƙa yaron ga dogarai. Sai ka juya ka ce, "Me za ku yi?" Duk wannan bai kamata ya wuce minti biyar ba. Alamar mafari ya kama ita ce su fara gardama a tsakaninsu kan inda za a fara. In suka yi shiru suna kallonka, to ba su ga matakin farko ba, sai ka sa wani ya yi magana: mai fura ta matso ta ce ita fa ta ga wani abu jiya da dare.

Wurare biyar sun isa zama ɗaya, kuma da wuya su taka duka. Namu su ne zango, zauren fatoma, kasuwa, marina, da gindin dutsen Kufena can wajen Wusasa. Kowane wuri kati ɗaya, kuma abu huɗu kawai za ka rubuta: abin da ido da hanci za su fara tararwa, wanda ke wurin da abin da yake so, abin da za a iya ganowa, da wuraren da yake nunawa. Ga katin marina, misali. Warin baba da toka, ramuka a jere, shuɗɗan zannuwa a shanye, rami ɗaya a can gefe an rufe shi da sabon faifai alhali sauran busassun ramuka a buɗe suke. Akwai tsohon marini da ba ya son dogarai su shigo masa wurin sana'a, da wani almajirin rini mai surutu. Za a iya gano cewa marinin da ake nema bai zo aiki da safe ba, kuma yaran fatoma sun zo nemansa sau biyu. Wurin yana nuna gidan fatoma, yana kuma nuna Kufena, domin almajirin ya san yana da aboki maharbi a can.

Abu na huɗun nan, wato inda wuri yake nunawa, shi ne maganin matsalarka, don haka zan daɗe a kansa. In ka jera wurarenka kamar bututu, zango ya kai kasuwa, kasuwa ta kai marina, marina ta kai Kufena, to duk inda aka toshe wasan ya tsaya. Ka sa kowane wuri ya nuna aƙalla wurare biyu, kowane wuri kuma a iya isa gare shi ta hanyoyi fiye da ɗaya. Ka zana da'ira biyar a takarda, ka ja kibiyoyi a tsakaninsu. In ka ga da'irar da kibiya ɗaya tak ke shigarta, can ne wasanka zai mutu.

Justin Alexander ya rubuta wata ƙa'ida a 2008 da masu jan wasa suka riƙe sosai: duk gaskiyar da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye mata alamu uku. Dalilin shi ne za su iya rasa ta farko, su raina ta biyu, sai ta uku ta tsaya musu. A wasanmu gaskiya ta farko ita ce marini ne ya ɗauki jakar. A zango akwai shatin yatsu shuɗi a jikin tabarmar da aka rufe kayan da ita. Mai fura ta ga mutum da dare, ba ta ga fuskarsa ba, amma da ya miƙo mata kuɗi ta ga hannunsa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. A kasuwa wani dillali zai ce an kawo masa munduwar azurfa a naɗe cikin ƙyallen da rininsa bai gama bushewa ba. Gaskiya ta biyu, cewa fatoma ne ya aike shi, ita ma uku: yaran fatoma da ke sintiri a marina, da 'yar mamacin da ta san mahaifinta yana ajiya a gidan, da shi fatoman kansa, wanda in an zauna da shi zai yi ta tambayar takardu alhali ba wanda ya ce masa akwai takardu a jakar. Wannan ta ƙarshen ita ce na fi so, domin ɗan wasan da ya kama ta zai ji cewa kaifin hankalinsa ne ya yi aiki, ba sa'ar jifan dayis ba.

Lissafi ma yana goyon bayan wannan. A D&D bugu na biyar, in ka sa wahalar bincike a 15, jarumi kuma yana da ƙarin 3, sai ya jefa 12 ko sama a dayis mai fuska ashirin, wato zai faɗi sau 55 cikin 100. In alama ɗaya ce, fiye da rabin lokaci wasanka ya tsaya cak. In uku ne, yiwuwar a rasa duka ta sauko kusan 17 cikin 100. Ni a ganina ko wannan ya yi yawa. Alamar da wasa ba zai ci gaba ba sai da ita, kada ka sa a yi mata jifa sam. Wanda ya ce zai duba tabarma, ya ga shatin yatsun. Jifa ta zama don ƙarin bayani, ko don sanin abin da binciken zai ci musu.

In ba ku da dayis mai fuska ashirin, na ludo guda biyu sun wadatar, kuma ga irin wannan wasa na bincike sun fi dacewa. Tsarin da Vincent Baker ya yi amfani da shi a Apocalypse World a 2010 ke nan: a jefa biyu a haɗa, a ƙara gwanintar jarumi, kamar `2d6+1`. In ya kai 10 ko sama ya samu abin da yake so. Daga 7 zuwa 9 ya samu, amma da tsada. In 6 ne ko ƙasa, lamari ya ƙara cakuɗewa. Da ƙarin 1, cikin jifa 36 da za su iya fitowa, 10 nasara ce tsantsa, 16 nasara mai tsada, 10 kuma faɗuwa. Ka ga mafi yawan lokaci labari yana gaba, yana kuma jawo sabuwar matsala. A ce ɗan wasa yana lallashin dillali ya jefa 8: dillali ya faɗi wanda ya kawo munduwar, amma yana juya baya ya aika yaro gidan fatoma. A ce ya jefa 5: kada ka ce "ba ka samu komai ba", domin wannan jimlar ce ke kashe tebur. Ka ce dillali ya ɗaga murya ya ce ana yi masa ƙazafi, kasuwa ta taru, kafin su fita rana ta yi nisa, amma a cikin hayaniyar sun hango shuɗin ƙyallen a ƙarƙashin buzunsa.

Yanzu wa'adi. John Harper a wasansa Blades in the Dark na 2017 ya yaɗa dabarar zana da'ira a raba ta gida huɗu, ko shida, ko takwas, a riƙa cike gida ɗaya duk lokacin da haɗari ya matso. Ka zana mai gida shida, ka ajiye ta a tsakiyar tebur kowa yana gani. Duk tafiya daga wuri zuwa wuri tana cin gida ɗaya, mummunar faɗuwa ma tana iya ci. A takardarka ta sirri kuma ka rubuta abin da mutanen labarin za su yi a kowane gida in ba a tare su ba. A na farko fatoma ya ji ana bincike. A na biyu marini ya gwada sayar da munduwa. A na uku, da dare, ƙartin fatoma sun je marina sun yi kaca-kaca da wurin ba su samu komai ba. A na huɗu fatoma ya matsa wa madugu har aka kai yaron hannun dogarai tun kafin wa'adi. A na biyar marini ya kwashe jakar ya fice kafin a rufe ƙofofin gari da magariba, ya nufi Kufena. A na shida asuba ta yi, ayari ya tashi. Wannan jerin ba labarin da za ka tilasta ba ne. Da zarar sun sa hannu ya canza, kuma haka ake so. Amfaninsa shi ne duniya tana motsi ko sun tsaya gardama, kuma kullum kana da abin da za ka jefo in tebur ya yi sanyi.

Karo kuma ba faɗa kaɗai ba ne. Duk inda wani ko wani abu ya tsaya tsakaninsu da abin da suke so, karo ne. Shirya huɗu ko biyar, iri daban daban, kuma kada ka liƙa su a wuri ɗaya. Zama da fatoma karo ne na baki: zai tarbe su da fura da goro, ya yi ta jajanta, ya yi wa tsohon yaron gidansa tayin yafe masa abin da ya raba su in ya janye abokansa. Ƙofar gari bayan magariba karo ne na dabara: a rufe take, mai tsaro ba mugu ba ne, aikinsa yake yi, sai su lallashe shi, ko su nemi inda damina ta zubar da ganuwa, ko su jira asuba su rasa gida ɗaya. Ƙartin fatoma su ne karon ƙarfi, kuma za su iya bayyana a marina, ko a lungu, ko a hanyar Kufena, duk inda wasa ya bukaci zafi.

Kafin kowane karo ka san abu biyu: me abokin gaba yake so, kuma yaushe zai haƙura. Ƙartin nan uku ne, an biya su don su karɓo jaka, ba don su mutu ba. In ɗaya ya ji ciwo sosai, ko jama'a suka fara taruwa, za su gudu. Wanda aka kama zai yi magana in an yi masa alkawarin ba za a kai shi gaban alƙali ba. Faɗan da kowa zai tsaya har sai ya faɗi yana cin lokaci, kuma ba ya haifar da komai. Za ka gane faɗa ya wuce lokacinsa in an zagaya tebur sau uku ba abin da ya canza sai lambobi, ko ka ga an fara duba waya. A nan sai ka canza filin: wani ya zame ya faɗa ramin rini, fitila ta kife a kan zannuwan da aka shanya, tsohon marini ya fito da muciya yana kururuwa. Game da ƙarfin abokan gaba, ga sababbin jarumai huɗu, gara ka sa su yi sauƙi. Ƙara mutum biyu a tsakiyar faɗa abu ne mai sauƙi, janye wanda ya riga ya kayar da rabin tebur kuwa kowa zai gane.

Sai ƙarshe, inda naka ya karye. Kada ka rubuta yadda za a ƙare. Rubuta kayan haɗin kawai: jakar ta fito fili, masu sonta aƙalla biyu suna wurin, lokaci ya ƙure, kuma akwai zaɓin da ba shi da arha. Wuri da sa'a su biyo abin da 'yan wasa suka yi.

Ga yadda zai iya kasancewa. In sun yi sauri, suka isa marina a gida na biyu ko na uku, suka ɗaga sabon faifan nan, to ƙarshen a marina zai faru: jakar tana hannunsu, marini ya dawo yana roƙo, ƙarti sun toshe hanyar fita, fatoma ya iso da kansa da tayi. In sun yi jinkiri, a gindin Kufena ne cikin dare, marini da abokinsa maharbi a saman dutse, ƙarti suna tafe a baya, kukan kura a kusa. In kuma sun ƙi bin jakar gaba ɗaya, suka ce su fatoma za su tona, to a zango ne da asuba gaban ayari duka, kuma makaminsu shaidu ne: dillali, mai fura, ƙaton da suka kama. Duka ukun mutane ɗaya ne da bukatu ɗaya. Abin da za ka tanada wa kowane wuri shi ne abu biyu da za a iya amfani da su: a marina ramuka da wuta, a Kufena tsayi da duhu, a zango taron jama'a da jakunan da za su iya firgita.

Zaɓin mai tsada shi ne zuciyar ƙarshen, kuma daga bukatun mutanen nan huɗu yake fitowa. Fatoma zai ce: ku ba ni takarda ɗaya, ku riƙe azurfa da sauran biyun, ni da bakina zan wanke yaron a gaban madugu yanzu. Tayi ne na gaske, kuma zai cika. In sun karɓa, yaro ya kuɓuta cikin sauƙi, 'yar mamacin ta rasa gadonta ba tare da ta sani ba. Marini zai ce: ku karɓi takardun, ku bar mini munduwa biyu in gudu, in kun kai ni gari na hallaka. In sun ƙi duka biyun, sai sun fita da jakar da ƙarfi ko da wayo, su kuma isa zango kafin gida na shida ya cika. Kada ka zaɓa musu a ranka wanne ne daidai. Ka shirya sakamakon kowanne da jimla ɗaya, ka bar su su yi gardamar. Minti goma na wannan gardama su ne abin da za su riƙa tunawa.

Za su kuma zo da abin da ba ya cikin ukun. Wani zai ce tunda fatoma takarda yake so, kuma jaruminsa ya yi karatun allo, bari ya rubuta ta bogi a ba shi. Wannan dabara ce mai kyau, kada ka hana. Ka tambayi kanka abin da fatoma zai yi: zai so ya tabbatar, zai kira wanda zai karanta masa, ko ya duba ko tawadar ta bushe. Sai a yi jifa. In 10 ce ya ƙone ta bogin ya wanke yaron. In 8 ce ya yarda, amma ya riƙe ɗayansu a zaure har ayari ya tashi. In 5 ce ya shafa yatsa tawada ta biyo shi. Wani teburin kuma zai kama fatoma tun a awa ta farko. Shi ma ba laifi: jakar har yanzu tana hannun mutumin da ya firgita, kuma jin an kama fatoma zai sa ya gudu da wuri, sai ka tsallake zuwa gida na biyar. Iyaka ɗaya ce zan ja maka a nan. Sassauci ba ya nufin canza gaskiyar abin da ya faru. Kana iya matsar da wuri, da lokaci, da inda ƙarti za su fito, amma in sun gano marini da hujja, kada ka mai da ɓarawon wani don wasa ya yi tsawo. Suna ganewa, kuma daga ranar ba za su sake wahalar da kansu da tunani ba.

Su kuma iya faɗuwa. In gida na shida ya cika ba jaka, ayari ya tashi, yaro yana hannun dogarai, kuma zama na gaba ya samu mafarinsa. In ba zai yiwu a rasa ba, wa'adin da ka sa ado ne kawai.

Batun lokacin zama: in kun fara bayan la'asar, kuna da kamar awa biyu kafin magariba. Ka yi niyyar a cike gida uku ko huɗu a wannan tsakanin, a tashi salla daidai lokacin da wani abu ya rataya, kamar an ɗaga faifai ko an ji takun ƙarti. Hutun zai ba ka damar duba katunanka ka ga inda ƙarshen ya dosa. Bayan an dawo, awa ɗaya ta isa. Ka ware wa haɗuwar ƙarshe aƙalla minti talatin, kuma in ka ga saura minti arba'in ba su kusa ba, cike gida ɗaya, ka kawo musu lamarin inda suke: almajirin rini ya shigo da gudu ya ce ya ga marini ya nufi ƙofa da ƙunshi a kafaɗa.

Duk shirin nan bai wuce shafi biyu da kati biyar ba: sakin layin gaskiya, mutum huɗu da bukatunsu, alamu shida, jerin gida shida, karo huɗu, da tayi biyu na ƙarshe. Ƙara jerin sunaye goma na maza da mata a gefe, domin tabbas za su tsayar da wani mai wucewa su tambayi sunansa. Shafukanka goma sha biyu kuma kada ka yar. Ka bi su da biro, ka ja layi a ƙarƙashin kowane mutum, da wuri, da sirri, ka kwashe su zuwa katuna, ka bar duk jimlar da ta faɗi abin da jarumai za su yi.